Sanarwar da waya ta tsallake: nazarin rubutun `alt` a shafin wata makaranta a Gombe

Wata makaranta mai zaman kanta a cikin garin Gombe, mai sashen firamare da ƙaramar sakandare, ta sanya sanarwar ɗaukar sababbin ɗalibai a shafinta na intanet, wanda wani matashi ya gina mata a kan WordPress, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita. Sanarwar fosta ce da aka tsara a wajen mai aikin ɗab'i, aka turo wa sakatariyar makarantar ta WhatsApp, ita kuma ta ɗora ta a shafin kamar yadda ta zo. A jikin fostar aka rubuta ranar jarrabawar shiga, da kuɗin fom, da lambar asusun da za a biya, da takardun da yaro zai zo da su. Ban da kan labari mai cewa an fara sayar da fom, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai da aka rubuta a shafin da haruffa.

Wanda ya fara kawo ƙorafi wani malami ne mai larurar gani da ke zaune a Pantami, wanda ke son sanya ɗiyarsa a makarantar. Wayarsa ta Android ce, yana amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke fuskar waya, yana jan yatsa zuwa dama domin ta matsa daga wannan abu zuwa na gaba. Ya je ofishin makarantar da kansa ya ce wa shugabar: "Hajiya, na ji an ce an fara sayar da fom, amma daga kan labarin sai wayar ta kai ni ƙasan shafi, ban ji rana ba, ban ji kuɗi ba." Shugabar ta buɗe shafin a tata wayar, ta ga fosta ta cika fuska, ta ce masa: "Malam, ai ga shi nan komai a rubuce." Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma wannan saɓani ne ya sa aka nemi in duba shafin.

Abin da aka tarar

A HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, kowane hoto ana sanya shi ne da alamar `img`, kuma a cikinta akwai gurbi mai suna `alt` inda ake rubuta abin da zai tsaya a madadin hoton idan ba a gan shi ba. Gurbin tsoho ne, yana nan tun HTML 2.0 na shekarar 1995. Manhajojin karanta fuska, irin su TalkBack da VoiceOver na iPhone da NVDA da JAWS na kwamfuta, shi suke furtawa idan sun iso kan hoto, haka nan burauza takan nuna shi a gurbin hoton idan sabis ya yi rauni hoton ya kasa sauka. Hoto na iya kasancewa cikin hali uku dangane da wannan gurbi, kuma duk matsalar makarantar ta taso ne daga ruɗa biyu daga cikinsu:

```html
<img src="fosta.jpg" alt="Bayanin hoton">
<img src="ado.png" alt="">
<img src="waya.png">
```

Layi na farko hoto ne mai bayani. Layi na biyu yana da `alt`, amma an bar shi fanko, kuma ma'anar haka ga manhaja ita ce mai shafin ya duba hoton ya yanke cewa ba shi da wani saƙo, don haka ta wuce shi ba tare da ta ko ambaci cewa akwai hoto a wurin ba. Layi na uku ba shi da `alt` sam, wanda ke nufin ba a gaya wa manhajar komai ba, sai ta yi lalube: wata ta furta sunan fayil ɗin, wata ta ce ga hoto marar lakabi, kuma idan hoton yana cikin mahaɗi, wato abin da ake taɓawa ya kai mutum wani wuri, sau da yawa adireshin mahaɗin za ta kama karantawa harafi bayan harafi.

Shafin makarantar yana ɗauke da kurakuran biyu a lokaci guda. Ƙananan alamomin da maginin shafin ya sanya da hannu a sama da ƙasan shafi, wato alamar waya da ta WhatsApp da ta Facebook, ba su da `alt` ko kaɗan, shi ya sa malamin yake jin ana jero masa haruffa da lambobi marasa kan gado. Fostar kuwa, wadda ita ce dalilin shafin gaba ɗaya, tana da `alt=""`. Ba wanda ya zauna ya yanke cewa fostar ado ce. Abin da ya faru shi ne, idan aka ɗora hoto a WordPress ba a cike akwatin `Alternative text` ba, manhajar da kanta take fitar da `alt=""`, sai shirun sakatariya ya koma umarni ga TalkBack cewa ta tsallake hoton. Saboda haka hotunan da ya kamata su yi shiru su ne ke surutu, wanda ya kamata ya yi magana kuma shi ne ya yi gum.

Gyaran farko, da dalilin da bai yi ba

Kafin in shiga aikin, maginin shafin ya riga ya yi nasa ƙoƙarin. Ya gwada shafin da Lighthouse, manhajar bincike da ke cikin burauzar Chrome, ta nuna masa hotunan da ba su da `alt`, shi kuma ya ɗauka cewa maganin shi ne kowane hoto ya samu rubutu. Layin ado mai zanen ganye da ke raba sassan shafin ya samu bayani, alamar waya ta samu bayani, kuma a cikin da yawa daga cikinsu ya cusa jimlar "makaranta mafi inganci a Gombe", domin ya ji ana cewa hakan yana ɗaga shafi a binciken Google. Fostar kuwa ya ba ta kalma ɗaya tak, "sanarwa".

Sakamakon Lighthouse ya yi kyau bayan wannan gyara, amma da malamin ya sake saurare, abin ya ƙara lalacewa. Layin adon ya fito sau biyar a shafin, don haka sau biyar ake katse masa karatu a gaya masa cewa ga hoton ganye na makaranta mafi inganci a Gombe, sannan idan ya iso inda yake nema sai a ce masa "sanarwa" a wuce. Ya san yanzu cewa akwai sanarwa, amma har yanzu bai san ranar jarrabawa ba. Ya kamata a lura cewa tun farko ma Lighthouse ba ta yi ƙorafi a kan fostar ba, domin a wajenta `alt=""` daidai ne. Irin waɗannan manhajoji suna iya gane ko gurbin yana nan ko ba ya nan, amma ba su san abin da mai shafi yake so hoton ya isar ba, kuma wannan ne ainihin abin da ake aunawa.

Ƙa'idar da ake komawa gare ta ita ce WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga masu larura, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet take fitarwa. Bugu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a 2023, kuma a dukansu sharaɗi na farko, mai lamba 1.1.1, bai sauya ba: duk abin da ba rubutu ba ne sai an ba shi madadi na rubutu wanda zai yi aikin da yake yi. Sharaɗin ya kuma keɓe abin da yake ado ne zalla, ya ce a sanya shi ta yadda manhajar karanta fuska za ta iya ƙyale shi. Abin da ake nema ke nan shi ne aikin hoton a wurin da aka sa shi. Hanyar da muka bi da magini da sakatariya ita ce mu ɗauka cewa muna karanta wa wani shafin ta waya daga sama har ƙasa, kuma a kan kowane hoto mu tambayi kanmu abin da za mu faɗa idan mun iso wurin. Idan za mu wuce ba mu ce komai ba kuma mai sauraro bai rasa komai ba, hoton na `alt=""` ne. Idan kuwa sai mun tsaya mun faɗi wani abu, to abin da muka faɗa ɗin shi ne rubutun.

Fostar

A nan aka fi daɗewa, domin shawarar da ta fara zuwa ita ce a kwafe duk abin da ke jikin fostar a zuba a cikin `alt`. Hakan ya fi kalmar "sanarwa" nesa ba kusa ba, kuma babu wata doka a HTML da ta ƙayyade tsawon `alt`. Adadin haruffa 125 da ake yawan ambata shawara ce kawai. Sai dai `alt` rubutu ne miƙaƙƙe wanda ba ya karɓar kan labari ko jeri ko mahaɗi, kuma manhaja takan ɗauke shi a matsayin abu ɗaya. Wanda yake son sake jin lambar asusu mai lamba goma, wadda ke tsakiyar dogon bayani, zai sha wahalar komawa kanta, ga shi kuma ba ta kwafuwa cikin sauƙi zuwa manhajar banki. Mai gani ma da ke kallon fostar ba ya iya kwafe lambar daga hoto cikin sauƙi, sau da yawa sai ya rubuta a takarda, kuma dattijon da ya faɗaɗa hoton domin ya ga ƙananan haruffa sai ya tarar sun dusashe, tunda WhatsApp ya riga ya matse hoton. WCAG tana da sharaɗi na daban, mai lamba 1.4.5, da ke cewa a yi amfani da rubutu na ainihi maimakon hoton rubutu a duk inda hakan zai yiwu.

Saboda haka aka fitar da bayanan daga cikin hoton aka rubuta su a shafin, a saman fostar, kowanne a layinsa: jarrabawa ranar Asabar ta farko a watan Agusta da ƙarfe tara na safe, fom naira dubu biyar, sai lambar asusu, sai jerin takardu. Shugabar makarantar ta so a bar fostar domin iyaye sun saba da ita kuma suna tura wa juna, don haka aka bar ta. Tambayar da ta rage ita ce me za a rubuta mata yanzu da duk abin da take faɗa ya riga ya zo a rubuce. Ana iya kare `alt=""` a nan, tunda maimaici ne. Na zaɓi gajeren rubutu saboda dalili ɗaya: hoton babba ne, kuma mai ɗan ragowar gani da ke amfani da TalkBack zai ga wani abu ya cika fuska, idan manhaja ta yi shiru a kansa zai yi zaton an ɓoye masa wani bayani.

```html
<img src="fosta.jpg"
 alt="Fostar ɗaukar ɗalibai; bayananta su ne aka rubuta a sama">
```

An kuma yarda cewa ranar da aka ɗage jarrabawa, rubutun da fostar za a gyara tare, domin shafin da idanu ke ganin wata rana kunne kuma yana jin wata ya fi na farko haɗari.

Alamomi biyu masu kama da juna

A ƙasan shafin akwai alamar kan tarho a gefen lambar wayar makarantar, kusa da ita kuma akwai koriyar alamar WhatsApp ita kaɗai, ba rubutu a gefenta, wadda idan aka taɓa take buɗe hira da ofishin. Girmansu ɗaya, a layi ɗaya suke, kuma maginin shafin ya ɗauka hukuncinsu ɗaya ne. Amma alamar tarhon ba ta ƙara komai a kan kalmar "Waya" da lambar da ke biye da ita, don haka ta samu `alt=""`. Alamar WhatsApp kuwa ita ce kaɗai abin da ke cikin mahaɗin, kuma manhaja daga `alt` ɗinta take samo sunan da za ta kira mahaɗin da shi. Idan aka bar ta fanko, mahaɗin ya zama ba shi da suna, sai a koma ga karanta adireshi ko a ce "mahaɗi" kawai, mutum bai san inda zai faɗa ba idan ya taɓa.

```html
<img src="tarho.png" alt=""> Waya: ...

<a href="...">
  <img src="wa.png" alt="Tura wa ofis saƙo ta WhatsApp">
</a>
```

Rubutun alamar ta biyu bai ambaci launin kore ko siffar alamar ba, ya faɗi abin da zai faru ne idan an taɓa, domin hoton da ke cikin mahaɗi ko maɓalli aikinsa shi ne kai mutum wani wuri ko aiwatar da wani abu. Haka aka yi da gilashin bincike da ke saman shafi, aka rubuta masa "Bincika". Tambarin makarantar ma an auna shi da wannan ma'auni: yana cikin mahaɗi ɗaya da sunan makarantar da aka rubuta da haruffa, don haka mahaɗin ya riga ya samu suna, tambarin kuma ya samu `alt=""`, in ba haka ba za a riƙa kiran sunan makarantar sau biyu a jere a farkon kowane shafi. Da a ce tambarin shi kaɗai ne a cikin mahaɗin, da sunan makarantar ne zai shiga `alt` ɗinsa.

Layin adon mai ganye bai ɗauki lokaci ba. Ya samu `alt=""`, kuma na ba magini shawarar ya mayar da shi cikin CSS, wato ɓangaren da ke tsara kwalliyar shafi, a matsayin hoton bango idan ya samu sarari, tunda abin da ke can manhajar karanta fuska ba ta ganinsa tun farko. Abin da kawai aka kiyaye shi ne kada a bar tazara tsakanin alamomin zancen biyu, domin `alt=" "` ba fanko ba ne, kuma ba dukan manhajoji ne ke ɗaukarsa a matsayin umarnin tsallakewa ba.

Hoton ƙofa a wurare biyu

Akwai hoton ƙofar makarantar guda ɗaya da aka yi amfani da shi a wurare biyu, kuma shi ne ya fi fahimtar da sakatariya abin da ake nufi. A shafin farko an sa shi a gefen jawabin maraba, domin kada wurin ya zama rubutu zalla. A shafin kwatance kuma an sa shi a ƙarƙashin adireshi, domin baƙo ya gane ƙofar idan ya iso layin. A wuri na farko, wanda ke karanta wa wani shafin ta waya ba zai tsaya ya ce ga hoton ƙofa ba, don haka aka bar shi fanko. A wuri na biyu kuwa hoton yana ɗauke da bayanin da babu shi a adireshin, kuma malamin da kansa ya faɗi abin da yake buƙata daga gare shi: abin da zai gaya wa ɗan acaɓa. Aka rubuta "Ƙofar makarantar: koriya ce ta ƙarfe mai murfi biyu, da sunan makarantar da farin fenti a samanta, da bishiyar darbejiya a gefen dama".

Rubutun bai fara da "hoton" ba, domin manhajar da kanta takan sanar da cewa hoto ne, sai dai idan nau'in hoton yana da muhimmanci, kamar zanen hannu ko taswira ko fosta. Bai kuma ambaci sararin sama ko mashin ɗin da aka ajiye a gefe ba, ko da yake suna cikin hoton, saboda ba su taimaka wa mai neman ƙofa da komai. An sanya abin da ya fi muhimmanci a farkon jimlar, tunda mai sauraro yakan ja yatsa ya wuce da zarar ya ji abin da yake nema. An kuma rubuta shi da Hausa kamar sauran shafin; maginin ya rubuta wasu da Turanci a gyaransa na farko, bisa tunanin cewa na'ura ake yi wa rubutun.

Wannan hoto ya fito da wani tarko na WordPress da ya kamata mai kula da shafi ya sani. Akwatin `Alternative text` da ke cikin `Media Library` guda ɗaya ne ga kowane fayil, kuma abin da ke cikinsa ake kwafowa a lokacin da aka saka hoton a shafi. Bayan an saka, rubutun ya zama na wannan shafin, don haka gyara shi a ma'ajiyar hotuna ba ya sauya shafukan da aka riga aka wallafa. Sakatariyar ta cike akwatunan ma'ajiya da yawa da yamma ɗaya, ta buɗe shafin ta ga ba abin da ya canja. Dole sai an buɗe kowane shafi an taɓa hoton an gyara a can, kuma wannan ne ma ya ba da damar hoton ƙofa ya samu rubutu a wani wuri ya zauna fanko a wani.

Hoton shugabar makarantar yana da bayani a ƙarƙashinsa, a cikin `figcaption`, mai ɗauke da sunanta da muƙaminta. Maimaita wannan a `alt` zai sa a ji shi sau biyu, don haka aka rubuta abin da bayanin bai faɗa ba, wato tana miƙa wa wata ɗaliba kyauta a ranar yaye ɗalibai. Zanen sanduna mai nuna sakamakon jarrabawar shekaru uku ya samu jimla ɗaya da ke faɗin inda sakamakon ya dosa, alkaluman kansu kuma aka sa su a jadawali na ainihi a ƙarƙashinsa.

Inda ba a daidaita ba

A can saman shafin akwai faffaɗan hoton yara cikin kayan makaranta suna zaune a aji. Maginin ya ce ado ne, a bar shi fanko, kuma da a ce hoton da aka sauko da shi daga intanet ne na wasu yara da ba a san su ba, da na goyi bayansa ba tare da jinkiri ba. Amma hoton na ɗaliban makarantar ne a ajinsu, kuma malamin ya ce masa: "Ƙanena, kai da ka kalli hoton nan ka san ko yara a kan benci suke ko a tabarma, ka san ko 'yan mata suna sa hijabi, ka san ko ajin ya cunkushe. Ni ma uba ne, abin da nake so in sani ke nan." Maginin ya amsa da cewa idan aka bi wannan, babu hoton da zai zama ado, kuma za a koma gidan jiya na surutu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai masu amfani da manhajar karanta fuska da suka fi son a kai su ga bayani kai tsaye, akwai kuma waɗanda suke son jin yanayin wuri, kuma jagorar W3C kanta ta bar wa mai shafi hukuncin ko hoto ado ne, gwargwadon dalilin sa shi.

A ganina dalilin sa hoton shi ne ya raba gardamar. Makarantar ta zaɓi wannan hoto ne domin iyaye su ga aji mai tsabta da sarari su gamsu, don haka yana aiki, kuma aikin nasa ya shafi shawarar da uba zai yanke. Aka rubuta masa jimla ɗaya: "Ɗaliban firamare a aji, biyu-biyu a kan benci, 'yan mata da farin hijabi, malama tana rubutu a allo". Maginin bai gamsu gaba ɗaya ba, kuma an ba shi gaskiya a kan sauran hotuna uku masu kama da wannan da ke juyawa a bayansa: tunda abu ɗaya suke nunawa, an bar su fanko.

Yadda aka tabbatar

Tunda ido ba ya ganin bambanci tsakanin hoto marar `alt` da mai `alt=""`, an fara da jero su duka. A Chrome na kwamfuta, idan aka danna F12 aka shiga `Console`, wannan ɗan umarni yana fitar da kowane hoto da abin da ke gurbinsa:

```js
document.querySelectorAll('img').forEach(h =>
  console.log(JSON.stringify(h.getAttribute('alt')), h.src));
```

Inda ya nuna `null`, gurbin ba ya nan, kuma wannan kuskure ne a kowane hali a shafi irin wannan. Inda ya nuna `""`, sai an tsaya an tambaya ko wani ne ya yanke hakan ko kuwa akwati ne aka manta, kuma babban hoto a tsakiyar shafi mai `""` abin zargi ne har sai an tabbatar. Bayan haka aka saurari shafin da NVDA, wadda kyauta ce a Windows. Harafin G yana tsallakawa daga hoto zuwa hoto, harafin K daga mahaɗi zuwa mahaɗi, kuma wanda kunnensa bai saba da muryar ba yana iya buɗe `Speech Viewer` ya karanta abin da ake furtawa. Da G aka tabbatar cewa layin ado da alamar tarho da tambari sun ɓace daga jerin, da K kuma aka tabbatar cewa kowane mahaɗi yana da sunan da za a gane ko an ji shi shi kaɗai. Daga ƙarshe malamin ya bi shafin da wayarsa, ya samu rana da kuɗi bayan kan labari kai tsaye, ya kuma nuna wani mahaɗi na Facebook a ƙasan shafi da aka tsallake, aka gyara shi nan take.

Abin da ya rage shi ne hotunan da za a ɗora nan gaba, domin WordPress zai ci gaba da mayar da akwatin da aka manta ya zama `alt=""`, kuma babu manhajar binciken da za ta yi ƙorafi. Aikin ya koma hannun sakatariya, tunda ita ce ke ɗora sanarwa kuma ita ta san dalilin kowane hoto. An tsayar da cewa duk fostar da ta zo daga mai ɗab'i sai a karɓo rubutunta tare da ita domin a sa a shafi, kuma maginin zai riƙa gudanar da umarnin da ke sama a farkon kowane zangon karatu, ya tura mata jerin hotunan da suka fito fanko, ita kuma ta nuna waɗanda da gangan ta bar su haka.